Yadda ake rubuta imel na karɓar aiki tare da neman a ɗaga ranar farawa da gyara alawus

Tun da na ba da labarin ɗan ƙanwata da ya bar Ngaundare ya koma aiki Marwa, mutane ke ta tambayata abu guda: me ya rubuta musu har suka ɗaga masa ranar fara aiki da wata guda, suka kuma sa masa kuɗin gida, ba tare da sun janye tayin ba? To ga yadda muka yi, daki-daki. Shi akawu ne, yana riƙe da littafin kuɗi na wani shagon sari, wani kamfani mai zaman kansa kuma ya ɗauke shi. Abin da zan faɗa na doka duk na Kamaru ne. Wanda ke Njamena ko Mundu ya bi matakan yadda suke, amma ya duba wa'adi da lissafin a dokar ƙwadago ta Chadi, don ba ɗaya ba ne.

1. Kada ka amsa a waya

Ranar Litinin 21 ga Yuli aka kira shi aka ce an ɗauke shi, ya zo ya fara ranar 4 ga Agusta. Da murna ya kira ni.

"Kawu, na samu! Yanzu zan kira su in ce na amince."

"Barka, ɗana, Allah ya sa albarka. Takarda fa, sun turo?"

"A'a, a waya dai suka faɗa."

"To ba ka samu ba tukuna. Ka yi musu godiya, ka ce su turo maka a rubuce."

Abin da za ka faɗa a waya bai wuce wannan ba: ka gode, ka ji daɗi, kana jiran tayin a rubuce, za ka ba da amsa cikin kwana biyu. Babu ma'aikata ta kirki da za ta ji haushin wannan. Idan ta WhatsApp suka turo, ka roƙi adireshin imel na mai kula da ma'aikata, domin saƙon WhatsApp ana iya goge shi, waya kuma tana ɓata.

Hattara: duk "to" ɗin da ka furta a waya, su sun ɗauka ka yarda da komai. In ka dawo daga baya da maganar kuɗin gida, sai a ga kamar ka yi amai ka lashe.

2. Karanta tayin da biro a hannu

Abubuwa huɗu za ka ja wa layi. Na farko albashin: an rubuta `brut` ne ko `net`? Na farkon shi ne kuɗin kafin a yanke komai, na biyun shi ne abin da zai shiga hannunka. Daga cikin abin da ake yankewa akwai kashi 4.2 cikin ɗari na fansho da ke tafiya CNPS, akwai harajin albashi, akwai kashi 1 cikin ɗari na asusun lamunin gidaje, da wasu ƙanana. A kan sefa 200,000, rabon CNPS kaɗai sefa 8,400 ne. Kada ka tsaya lissafa harajin da kanka. Akawun ma'aikatar yana da shi a kwamfuta, tambayarsa kawai za ka yi.

Na biyu, yadda aka rarraba kuɗin. Tayin ɗan ƙanwata ya ce sefa 230,000 a dunƙule, amma a ƙasa an fasa shi: albashin tushe 180,000, kuɗin mota 25,000, ladan riƙe akwatin kuɗi 25,000. Wannan albashin tushen, wato `salaire de base`, shi ne abin lura, domin a kansa ake ɗora yawancin lissafi.

Na uku rukuninka. A Kamaru ma'aikatan kamfanoni sun kasu rukuni 1 zuwa 12, kuma rukunin ne ke yanke tsawon lokacin gwaji. Na huɗu irin kwantiragin: mai wa'adi ko marar wa'adi. Mai wa'adi ba ya wuce shekara 2, ana iya sabunta shi sau ɗaya.

Abin da babu a takardar ma ka rubuta shi gefe. A tasa babu kalma ɗaya a kan gida ko kuɗin ɗaukar kaya, alhali tsakanin Ngaundare da Marwa tafiya ce ta kusan kilomita 500, ta Garwa.

3. Lissafa ranar da za ka iya farawa

Nan ne mutane suka fi yin ɓarna, don haka zan daɗe a kai. Ranar farawa ba zaɓenta ake yi da ka ba, lissafa ta ake yi, kuma daga tsohon wurin aikinka lissafin ke farawa.

Idan kwantiraginka marar wa'adi ne, doka ta ɗora maka wa'adin sanarwa kafin ka tafi, abin da takardu ke kira `préavis`. Tsawonsa ya danganta da rukuninka da shekarun da ka yi. Ga 'yan rukuni 1 zuwa 6: kwana 15 in ba ka cika shekara ba, wata 1 in ka yi shekara 1 zuwa 5, wata 2 in ka wuce 5. Ga 'yan rukuni 7 zuwa 9: wata 1, wata 2, wata 3 bisa wannan jerin. Ga 'yan 10 zuwa 12: wata 1, wata 3, wata 4. Ka duba takardar biyan albashinka, rukunin yana rubuce a sama. Ka kuma duba kwantiraginka, don wani sa'in an sa wa'adin da ya fi na doka tsawo.

Ɗan ƙanwata rukuni 6 ne, ya yi shekara uku, saboda haka wata guda ke kansa. Wa'adin yana fara ƙirguwa ne daga ranar da ka miƙa takardar ajiye aiki a rubuce, ba daga ranar da ka raɗa wa maigida a bakin shago ba. Muka ce in sabon kamfanin ya amsa kafin Juma'a 25 ga Yuli, a ranar zai miƙa takarda, wa'adi ya cika 25 ga Agusta. Sai kwana shida na ɗaure kaya, hanya, da karɓar makullin gida. Watan Agusta ne, tsakiyar damina, mota na iya kwana a hanya, shi ya sa ban yarda ya matse kwanakin ba. Lissafi ya tsaya a Litinin 1 ga Satumba. Ranar ta kuma yi masa daidai ta wani ɓangaren, domin makarantu a farkon Satumba suke komawa, yana da yara biyu da zai sa.

Hattara ta farko: kada ka miƙa takardar ajiye aiki sai sabuwar ma'aikata ta tabbatar maka da ranar a rubuce. Kada ganin hadari ya sa ka yi wanka da kashi.

Hattara ta biyu: wasu suna cewa "ai ina da hutun shekara, zan cinye wa'adin da shi". Doka ba ta yarda a lissafa wa'adin sanarwa a cikin hutu ba. Abin da zai yiwu shi ne tsohon maigidanka ya yafe maka wasu kwanaki don kansa, kuma in ya yafe, ya sa hannu a takarda. In ka tsere ba tare da cika wa'adin ba, yana da ikon bin ka kuɗin da ya yi daidai da albashin kwanakin da suka rage. Ban da haka, kana buƙatar takardar shaidar aiki daga hannunsa, kuma sabon wurin zai iya tambayarta.

Ka tanadi rana ta biyu a aljihu, wadda ba za ka rubuta a imel ɗin farko ba. Tamu 26 ga Agusta ce: in sun matsa, zai tafi shi kaɗai, iyali su biyo baya.

4. Zaɓi alawus ɗaya, ka san ko haƙƙi ne ko alfarma

Da muka zauna, yaron ya jero abu biyar: gida, mota, kuɗin waya, asibiti, da ƙarin albashi. Na ce ya soke huɗu. Imel mai buƙatu biyar, mai karatu zai ɗauki mafi arha ya ba ka, kuɗin waya, ya ce ya yi ƙoƙari. Ka zaɓi wanda in babu shi aikin ba zai riƙe ka ba. Ga wanda zai canza gari, gida ne.

Dokar ƙwadago ta 14 ga Agusta 1992, a sashe na 66, ta ce ma'aikacin da mai aiki ya ɗauko daga garinsu ya kai shi wani wuri don aikin, wajibi ne a ba shi masauki. In ba a ba shi ba, a biya shi diyya, kuma mafi ƙarancinta kashi 25 cikin ɗari na albashin tushe ne haɗe da ladan daɗewa a aiki. Sabon shiga ba shi da ladan daɗewa, don haka a kan 180,000 abin ya kama sefa 45,000 a wata. Haka nan kuɗin tafiyar ma'aikacin da iyalinsa da kayansa suna kan wanda ya ɗauko shi.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Ma'aikatu da yawa suna rubuta `recrutement local` a sanarwar neman ma'aikata, ko su sa a kwantiragi cewa a garin aikin aka ɗauke ka. Ma'anarsa a wurinsu: ba mu ɗauko ka ba, kai ka kawo kanka. In haka ne, da wuya ka tsaya a kan sashe na 66. Ka koma ka duba sanarwar da ka nemi aikin da ita, ka duba adireshin da suka sa maka a tayin. A na ɗan ƙanwata an rubuta Ngaundare a ƙarƙashin sunansa, sanarwar kuma ba ta ce sai mazaunin Marwa ba. Wannan ya ba shi ƙafar tsayawa.

Duk da haka ban bar shi ya ambaci sashen doka a imel ɗin ba. Mutumin da bai ko shiga ofis ba ya fara karanto wa direkta lambar sashe, an riga an sa masa ido. Ka sa adadin da doka ta tanada kawai. Mai kula da ma'aikata ya san inda 45,000 ta fito, ba sai an gaya masa ba. Dalilin da za ka rubuta shi ne na zahiri, wato tasowa da iyali daga wani gari. Ɗan ƙanwata ya tambayi wani abokinsa a unguwar Domayo, ɗaki biyu da falo da ya samo masa sefa 40,000 ne a wata, mai gidan kuma yana son wata uku a gaba.

In kai mazaunin garin ne, ba ka da wannan haƙƙin. Abin da za ka nema alfarma ce, kamar ƙarin kuɗin mota in wurin aikin yana bayan gari, kuma harshenka ya nuna ka san alfarma ce.

5. Rubuta shi bisa wannan jeri

Jerin sassan ya fi kalmomin muhimmanci. Karɓa tana zuwa farko, a fili, a sakin layinta ita kaɗai. Sai maimaita abin da aka ba ka. Sai rana. Sai alawus. Sai rufewa. In ka fara da buƙata, duk abin da ya biyo baya za a karanta shi a matsayin ciniki.

Da harshen da tayin ya zo za ka amsa, a nan galibi Faransanci. Kan saƙon ya zama gajere:

```
Acceptation de l'offre – poste de comptable, Maroua
```

Ga abin da ya rubuta, na mayar da shi Hausa:

> Ranka ya daɗe,
>
> Na karɓi saƙonku na 21 ga Yuli. Ina godiya da amincewar da kuka yi da ni, kuma ina sanar da ku cewa na karɓi aikin akawu a ofishinku na Marwa.
>
> Kamar yadda na fahimta, kwantiragin marar wa'adi ne, albashi sefa 230,000 a wata kafin yanke haraji. Zan ji daɗi in an sanar da ni abin da zai rage bayan an yanke.
>
> Game da ranar farawa: akwai wa'adin sanarwa na wata ɗaya a kaina a inda nake aiki yanzu, kuma ina so in miƙa littattafan kuɗi yadda ya kamata kafin in tafi. In kun tabbatar mini kafin Juma'a 25 ga Yuli, zan iya kama aiki ranar Litinin 1 ga Satumba. Kafin lokacin, a shirye nake in karanta duk takardun da za ku turo mini, in kuma zo Marwa wata ranar Asabar don ganawa da wanda zan gada.
>
> Abu na biyu: tun da zan taso da iyalina daga Ngaundare, kuma tayin bai ambaci masauki ba, ina roƙon a duba yiwuwar sa kuɗin gida na sefa 45,000 a wata, tare da kuɗin ɗaukar kaya sau ɗaya.
>
> Ina jiran amsarku, kuma ana iya samuna a waya kowane lokaci.
>
> Na gode.

Ka lura da abubuwa uku a ciki. Ya ba da rana takamaimai, bai ce "farkon Satumba" ko "nan ba da jimawa ba". Dalilinsa na neman jinkiri dalili ne da ke ƙara masa daraja: akawun da ya ƙi gudu ya bar littafin wani a hargitse, gobe ba zai bar nasu ba. Sannan ya miƙa wani abu a madadin kwanakin da ya nema, wato zuwa ranar Asabar. Kada ka yi irin wannan alkawarin in ba za ka iya cikawa ba. Daga Ngaundare zuwa Marwa da dawowa a ƙarshen mako ɗaya ba wasa ba ne, ya san da haka kafin ya rubuta.

Hattara da kalmar `sous réserve de`, wato "bisa sharaɗin". Da ka sa ta bayan "na karɓa", ba karɓa ka yi ba, sabon tayi ka mayar musu, suna kuma iya cewa sun fasa su kira na biyu a jeri. Akwai inda ta dace: in da gaske ba za ka iya zuwa ba sai da abin, kamar wanda wa'adin wata uku ke kansa. In ba haka ba, ka yi amfani da harshen roƙo, irin `serait-il possible de`, ka bar karɓarka a tsaye.

Abin da ba ya shiga imel ɗin: bashin da ke kanka, rashin lafiyar tsohuwa, tsadar buhun masara, ko cewa wani kamfani ma yana nemanka alhali ƙarya ce. Marwa da Garwa ba su da girman da ƙarya za ta ɓuya. Masu kula da ma'aikata sun san juna. Gaisuwa kuma layi ɗaya ta isa. Mu Hausawa in ba mu tambayi gida da gajiya da yara ba sai mu ji kamar mun yi rashin kunya, amma wannan ka ajiye shi sai ranar da kuka haɗu ido da ido.

6. Duba, sannan ka tura

Ka danna `Répondre à tous` a kan ainihin saƙon tayin, don duk wanda aka sa a ciki ya gani, tarihin maganar kuma ya zauna wuri ɗaya. Da adireshinka na kanka za ka tura, ba na ofishin da za ka bari ba, kuma adireshin ya kasance mai sunanka, ba laƙabin samartaka ba. In Faransancinka na kasuwa ne, ka ba wani malamin makaranta ya duba. Mintuna goma ne. Lambobi kuwa kai za ka duba su da kanka sau biyu. Mun saba ƙirga da dala a baka, jaka kaza, dala kaza, kuma na ga wanda ya rubuta 4,500 yana nufin 45,000.

Ka tura da safe a ranar aiki. Kuɗin da za ka kashe bai wuce na data ba, sai in sun ce ka sa hannu a tayin ka mayar. In haka ne, kada ka sa hannu a tsohuwar takardar mai ɗauke da 4 ga Agusta. Ka ce kana jiran wadda aka gyara. In ta zo, ka buga ta a shagon kwamfuta, ka sa hannu, a mayar maka da ita PDF. Hoton waya mai inuwar yatsa a gefe ba ya yi wa akawu kyau.

7. In amsa ta zo, ko ta ƙi zuwa

In kwana biyu na aiki sun wuce shiru, ka kira sau ɗaya, ka ce kana tabbatarwa ne ko saƙon ya isa, ka tuna musu cewa ranar da ka bayar ta rataya ne a kan ranar da za ka miƙa takardar ajiye aiki. Duk kwanan da suka ƙara, ranar farawa ma ta matsa da kwana ɗaya. Wannan ba barazana ba ce, lissafi ne, kuma yana sa su hanzarta.

Ɗan ƙanwata dai ranar Alhamis aka kira shi. Matar da ke kula da ma'aikata ta ce 1 ga Satumba ta yi, kuɗin gida an amince da 45,000, amma na ɗaukar kaya ba za su ba da tsaba ba, sai dai ya biya ya kawo rasit a mayar masa. Ya ce ya yarda. Da ya gaya mini, na ce ya koma kan imel nan take ya rubuta layi uku: godiya, sannan "kamar yadda muka yi magana a waya yau", sai ya jero ranar da adadin da maganar rasit, ya roƙi ta tabbatar. Ta amsa da kalma ɗaya kafin a tashi aiki, washegari Juma'a ya miƙa takardarsa a shago.

Na nace a kan wannan ne don ni an taɓa yi mini. Shekarun baya wani wurin aiki a Garwa, da na tambayi kuɗin gida, shugaban ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, ka zo kawai, za mu duba." Na zo. Wata huɗu aka sauya shi, wanda ya gaje shi ya buɗe fayil ɗina bai ga komai ba, ni ma ba ni da abin nunawa. Daga aljihuna na biya haya har na bar wurin.

In sun ce ranar ba za ta yiwu ba, sai ka fito da ta biyun da ka ajiye. In sun ƙi kuɗin gidan gaba ɗaya, ka tambaya sau ɗaya ko za a iya sake duba shi bayan lokacin gwaji, a kuma rubuta hakan. Ga ɗan rukuni 5 ko 6 gwajin wata 2 ne, ana iya sabunta shi sau ɗaya, don haka ba jira mai tsawo ba ne. Kada ka koma karo na uku a kan abu ɗaya. Daga nan shawara taka ce: ka cire haya daga abin da zai shiga hannunka, ka ga ko ragowar ta fi abin da kake samu yanzu.

8. Ranar sa hannu

Ka je da imel ɗin tabbatarwar a buge a takarda. Ka ɗora shi gefen kwantiragin ka bi layi-layi: ranar farawa, rukuni, albashin tushe, kuɗin gida a layinsa daban, tsawon gwaji, da wurin da aka ce an ɗauke ka. A kwantiragin ɗan ƙanwata an sa kuɗin gidan, amma a wurin mazauni sakatare ya rubuta Marwa. Ya nuna da ladabi, aka gyara zuwa Ngaundare, aka sake bugawa. Wannan layin ne zai yi magana ranar da aiki ya ƙare ana maganar kuɗin komawa gida.

Ka karɓi kwafinka mai sa hannu da hatimi kafin ka fita, ka ba su lambarka ta CNPS ta tsohon wurin aiki don kada a buɗe maka sabuwa. Rasit ɗin motar kaya kuma ya kasance da kwanan wata da sunanka, domin direbobin tasha ba sa bayarwa sai ka tambaya tun kafin a ɗora kaya.